Sanarwar aiki ɗaya, hanyar nema uku: wacce ce ta masu aikin?

Autar_Mama:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in tura takarduna. Wata sanarwa ce ta zagayo ni ta wuri uku, guruf biyu na WhatsApp da wata tashar Telegram da nake bi saboda guraben aiki. Wani kamfanin rarraba kaya ne ke neman mai kula da sito. Hoton sanarwar iri ɗaya ne a duka ukun, tambarin kamfanin yana nan, sharuɗɗan ma ba su bambanta ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne layin ƙarshe. A Telegram an sa linki. A guruf na farko ma linki ne, amma ba irin wancan ba, sai dai sun yi kama sosai. A guruf na biyu kuwa babu linki sam, an ce a tura takardu ta wata lambar waya, wai ta ejan ɗin da aka ba kwangilar ɗaukar ma'aikatan. Na bincika, kamfanin akwai shi da gaske, ya daɗe yana aiki. To tunda haka ne, akwai laifi in bi wadda ta fi mini sauƙi a cikin ukun?

Ɗan_Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Ki tura ta duka ukun kawai, wadda ta kama shi ke nan. Kina tsayawa bincike wasu sun riga ki. Kuma abin da ya fito a wuri uku daban-daban ai ya tabbata, ƙarya ba ta yaɗuwa haka.

Anti_Ofis:
Ɗan_Gaggawa, Allah ya shirye ka. Fitowa a wuri uku ba shaida uku ba ce. Yawancin masu guruf ɗin nan a junansu suke kwasa, wannan ya ɗauko daga wancan, wancan ya ɗauko daga wata tasha. In ka bi sawu sai ka tarar mutum ɗaya ne ya fara sakin ta.

Ƙanwata Autar_Mama, na daɗe ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata, kuma abin da kika kawo shi ne wanda ya fi ba mu ciwon kai. Masu damfarar da suka san aikinsu sun daina ƙirƙiro kamfanin da babu shi, don sun san mutane sun koyi binciken suna. Yanzu sai su jira mu fitar da sanarwa ta gaskiya, su ɗauki hotonta yadda yake, su goge layi ɗaya tak, wato inda aka ce ga yadda za a nema, su sa nasu. Kin ga duk binciken da za ki yi a kan kamfanin zai fito da kyau. Kamfanin gaskiya ne, gurbin gaskiya ne, albashin ma gaskiya ne. Hanyar ce kawai ba tamu ba. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: takarduna in na tura ta nan, hannun wa za su faɗa?

Abin yi bai da wahala. Ki ajiye sanarwar gefe kamar ba ki gan ta ba. Ki buɗe burauza, ki nemo shafin kamfanin da kanki, ki shiga wurin da suke sa guraben aiki. In gurbin yana can, ki nema daga can. Kada ki taɓa ko ɗaya daga cikin linkin da aka turo miki sai kin ga wanda shafinsu ya kai ki.

Sabon_Shiga:
Salam, don Allah ina so a saka ni a guruf ɗin nan na aiki, ina da difloma kuma zan iya kowane irin aiki. Ga lambata.

Mai_Tsaron_Zaure:
Sabon_Shiga, na goge lambar da ka sa, kada ka ji haushi. Ba a rabon aiki a wannan zaren, tattaunawa ake yi. Kuma irin wannan saƙon naka, mai lamba da bayanin cewa kana neman kowane irin aiki, shi ne abin da wasu ke zaune suna jira. Kafin dare za ka ga an yi maka magana ta gefe.

Kwaɗon_Ƙarfe:
Ni hanyata gajeriya ce. In na buɗe linki na ga alamar kwaɗo a sama kuma adireshin ya fara da `https`, na san shafin yana da tsaro. In babu sai in fita. Haka kuma duk sanarwar da ta ce a tura takardu ta imel ɗin Gmail, ƙarya ce, ba na ko karantawa.

Sarkin_Kebur:
Kwaɗon_Ƙarfe, rabin maganarka ta farko daidai ne. In babu `https` kada ka rubuta komai naka a shafin, wannan haka yake. Amma kasancewarsa ba ta nuna maka mai shafin mutumin kirki ne ba. Abin da yake nufi kawai shi ne wani na uku ba zai leƙa abin da ke wucewa tsakaninka da shafin ba. Takardar shaidar da ke kawo wannan alamar kyauta ake samunta, cikin 'yan mintuna, kuma ɗan damfara ma yana da ita. Chrome ma ya cire hoton kwaɗon tun 2023, saboda mutane suna yi masa irin fassarar da ka yi.

Autar_Mama, kwafo mana linkin biyu mu gani. Ki sauya sunan kamfanin in kina so, amma ki bar ɗigo-ɗigon da layukan a inda suke.

Autar_Mama:
To ga su. Na sa `example` a madadin sunan kamfanin, na kuma sauya ƙarshen na biyun don kada wani ya danna.

```
https://careers.example.com/jobs/4471
https://example.com.apply-portal.test/jobs/4471
```

Na farko shi ne na Telegram. Ni dai a idona na biyun ma ya fi kama da na kamfanin, tunda da sunansu ya fara.

Sarkin_Kebur:
Yauwa, abin da suke so ki gani ke nan. Ba daga hagu ake karanta adireshi ba. Ki tsallake `https://`, ki tafi har sai kin ci karo da layin nan mai karkata na farko, wato `/`. Ki tsaya a nan, ki dawo baya. Abin da ke manne da layin, shi ne sunan mai gidan.

A na farko, kafin layin akwai `example.com`. Kalmar `careers` da ke gabansa ɗaki ne a cikin gidan, kuma mai `example.com` ne kaɗai zai iya buɗe shi. A na biyu kuwa abin da ke manne da layin shi ne `apply-portal.test`. Wannan shi ne mai gidan. `example.com` ɗin da kika gani a farko ado ne kawai, duk wanda ya mallaki adireshi yana iya rubuta abin da ya ga dama a gabansa, ko sunan banki ne. A waya abin ya fi muni, don akwatin adireshin gajere ne, wani lokaci farkon kawai ido ke kamawa.

Ga abu na biyu da za ki yi, ba ya cin minti uku. Ki shiga `lookup.icann.org`, ki rubuta sunan mai gidan na linki na biyu, shi kaɗai ba tare da sauran ba. A sakamakon ki nemi ranar da aka yi wa sunan rajista, za ki ga an rubuta `Created`. Sai ki yi haka da na kamfanin, ki gwada. Ba kowane ƙarshen adireshi ne ke fitowa a wurin ba, wasu na ƙasashe suna da nasu wurin dubawa, amma yawanci za ki samu.

Autar_Mama:
Na duba. Na kamfanin tun 2011. Na biyun kwanansa tara da rajista. Innalillahi. Kuma na bi shawarar Anti, na shiga shafinsu da kaina, gurbin yana nan da lamba 4471 ɗin nan, ranar rufewa ma ɗaya ce.

Ɗan_Gaggawa:
To ai ga shi nan, aikin gaskiya ne kamar yadda na faɗa. Da ta tura ta ukun da ɗaya ta shiga. Me aka rasa? Takardun neman aiki ne fa, ba kuɗi ba.

Baban_Yara:
Ɗan_Gaggawa, bari in gaya maka abin da ake rasawa, don a gidana aka yi. Ƙanin matata ya cike irin wannan fom ɗin. Ba su nemi ko sisi ba a ranar. Suna, lambar waya, ranar haihuwa, hoton katin shaida gaba da baya, sai lambar asusun banki wai don albashi. Bayan kwana biyu wata mata ta kira shi, murya a natse, ta ambaci sunansa cikakke da makarantar da ya gama da gurbin da ya nema. Ta ce ya tsallake matakin farko, za a yi intabiyu ta bidiyo da yamma, kuma yanzu za a turo masa lamba shida ta shiga ɗakin taron, ya karanto mata don ta yi masa rajista. Saƙo ya shigo, ya karanta mata. Lambar tabbatar da WhatsApp ɗinsa ce. Kafin ya ankara an fitar da shi daga asusunsa, an fara bin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa ya shiga matsala a tura masa kuɗi. Yayarsa ta tura.

Yaron nan ba wawa ba ne. Abin da ya sa ya yarda shi ne matar ta san komai nasa, kuma shi da hannunsa ya ba su a fom ɗin.

Sarkin_Kebur:
Allah ya mayar da alheri, Baban_Yara. Ga wanda hakan ta same shi: ka sake shigar da lambarka a WhatsApp nan take, sabuwar lamba shida za ta zo ta saƙon waya, kana sa ta an fitar da wancan. Matsalar ita ce in ɓarawon ya riga ya kunna `Two-step verification`, wato tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa nasa lambobin sirrin, to sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da su ba. Shi ya sa ya kamata duk mai yawo a guruf-guruf na neman aiki ya kunna nasa tun yau, yana cikin `Settings`, ƙarƙashin `Account`. Telegram ma yana da irinsa.

Anti_Ofis:
Kuma ku lura da abin da aka tambayi yaron tun a fom na farko. Babu abin da zan yi da lambar asusunka ko hoton katinka a ranar da kake nema. Ina da takardu ɗaruruwa a gabana, so nake in rage su, abin da nake dubawa shi ne karatu da ƙwarewa. Asusun banki sai bayan an ba ka takardar ɗauka ka sa hannu, lokacin da za a shigar da kai cikin masu karɓar albashi. Akwai manyan hukumomi da ke neman lambar shaida tun farko a shafinsu, ban ce babu ba, amma a nan ma kai ne ka je shafin nasu da ƙafarka. In tambayar ƙarshe ta zo a farko, ka tsaya.

Sai dai ina so in gyara wani abu kafin a ɗauki darasin Sarkin_Kebur a wuce da shi gona da iri. Ba duk linkin da ba ya ɗauke da sunan kamfani ne na ƙarya ba. Kamfanoni da yawa ba su da nasu tsarin karɓar takardu, haya suke yi. Za ka danna wurin nema a shafinsu, sai ka tsinci kanka a adireshin da ya ƙare da `myworkdayjobs.com` ko `greenhouse.io` ko `lever.co`. Wannan ba matsala ba ce, in dai daga shafin kamfanin ka taso ya kai ka can. Inda ka fito ne abin dubawa.

Kwaɗon_Ƙarfe:
Na karɓi gyara a kan kwaɗo. Amma maganar Gmail ina nan a kai. Kamfanin da ya kasa mallakar imel da sunansa ba kamfani ba ne.

Direban_Dare:
Malam Kwaɗo, da wannan dokar taka da ban taɓa yin aiki ba a rayuwata. Duk wannan bayanin da kuke yi na masu shafin intanet ne. Ni tuƙi nake yi, kuma duk aikin da na samu a guruf na same shi. Mai gidan burodi yana neman direba, makaranta ƙarama tana neman mai kai yara, wani yana da motar kaya biyu. Waɗannan ba su da `careers` ba su da komai, lambar waya ce kawai, in an yi sa'a da Gmail. Kuma su ne suka fi ɗaukar mutane irina. In kun ce a guje wa duk sanarwa mai lambar waya, to kun ce mu zauna a gida ke nan.

Anti_Ofis:
Gaskiyarka Direban_Dare, kuma ban ce a guje musu ba. Gmail daga mai motar kaya biyu ba abin mamaki ba ne. Gmail daga wanda ya ce shi babban banki ne ko hukumar ƙasa da ƙasa, wannan ne abin tambaya. Girman mai aikin da hanyar da ya bayar su dace da juna. To kai ya kake tantance naka?

Direban_Dare:
Ni abu biyu nake yi. Na farko, ina bin wanda ya saka sanarwar ta gefe in tambaye shi, kai ka san mai aikin ko turo maka aka yi? Mafi yawa za su ce wallahi gani na yi na tura. To wannan na san babu kowa a bayanta. In ya ce ƙanin maigidana ne, ko a nan nake aiki, sai in ce ya gaya masa zan kira, ya ambaci sunana. Wanda ya yarda a ambaci sunansa ya san abin da ya saka.

Na biyu, ba na tura komai sai na ga wurin da idona. Ina tambayar sunan wurin da inda yake, in je da rana, in ga motar, in ga masu aiki a ciki, in tambayi mai gadi ko maƙwabci ko da gaske ana neman direba. In mutum ya ce mu haɗu a otal, ko a wani gida da babu alamar sana'a, ko ya ce zai turo a ɗauke ni, ba ni zuwa. Kuma ko ina zan je sai na bar wa matata adireshin da lambar wanda ya kira ni. Lasisina kuwa a hannuna ake ganinsa, ba na barin na asali wurin kowa.

Hajiya_Mai_Ɗinki:
Wannan na zuwa da rana a wurin sana'a, mata su riƙe shi da kyau, kuma kada a je ke kaɗai in wurin baƙo ne. Ni mai ɗaukar ma'aikata ce ƙarama, masu ɗinki nake nema lokaci-lokaci, kuma a guruf nake sakawa da lambata. Wallahi wadda ta zo da yayanta ko ta ce sai ta fara ganin shagon ta fi kwanta mini a rai. Ban taɓa jin haushin wanda ya bincike ni ba. Wanda ke fushi don an tambaye shi adireshi, da walakin.

Mai_Tsaron_Zaure:
Tunda an taɓo masu turawa, bari in faɗi ta bakin masu kula da guruf. Mutane suna ɗauka duk abin da admin ya bari ya wuce an tantance shi. Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024, na Telegram har 200,000. Wa zai bi kowace sanarwa ya kira kamfani, kuma a kyauta? Abin da muka iya a nawa shi ne mun rufe turawa sai admin, kuma duk wanda ya kawo sanarwa sai ya faɗi inda ya samo ta. In babu tushe muna rubuta "ba a tantance ba" a samanta.

Wata alama da za ta taimaka: in ka ga `Forwarded many times` a saman saƙo, ya bi hannu aƙalla biyar a jere kafin ya iso. Ba ya nufin ƙarya ne, amma wanda ya turo maka bai san mai aikin ba, kuma wataƙila an daɗe da cike gurbin. Rashin alamar kuma ba ya wanke saƙo, don in mutum ya kwafe rubutun ya manna, ba ta fitowa.

Baban_Yara:
Ranka ya daɗe admin, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. In ka tara mutum dubu da sunan za ka kawo musu aiki, ka ɗauki amana. "Ba a tantance ba" ɗin nan wanke hannu ne kawai. Wanda ya shekara biyu yana zaune ba ya ganin wannan rubutun, albashin yake gani. In ba ka tantance ba, kada ka saka.

Mai_Tsaron_Zaure:
In na yi haka, Baban_Yara, sanarwar Hajiya_Mai_Ɗinki da irin waɗanda Direban_Dare ke samu su ne za su fara faɗuwa, don ba ni da hanyar tabbatar da su daga inda nake zaune. Sai a bar mu da na manyan kamfanoni, waɗanda dama kowa zai iya gani a shafinsu. To mene ne amfanin guruf ɗin?

Baban_Yara:
Amfaninsa kada a cuci mutum ta hannunka. Amma na ji uzurinka, ban dai gamsu ba.

Autar_Mama:
Don Allah mu dawo kan tawa kaɗan. Linki na biyu ya faɗi, na farko ya tsaya. Saura lambar ejan ɗin. Na yi masa magana da safe kafin in buɗe wannan zaren, ban tura komai ba, tambaya kawai na yi. Yanzu ya amsa. Ya ce su kamfanin dillancin ma'aikata ne, suna da kason mutum goma a cikin waɗanda za a ɗauka, kuma ta hannunsu ya fi sauri. Bai nemi kuɗin fom ba. Ya ce dai in an zaɓe ni akwai kuɗin gwajin lafiya da zan biya a asibitin da suke hulɗa da shi, ta asusun da zai ba ni, kuma za a mayar mini a albashin farko. Ya ce in yanke shawara kafin ƙarfe shida.

Ɗan_Gaggawa:
Wannan kam ko ni na ji wari. Sanarwar ta ce mutum nawa ake nema?

Autar_Mama:
Mutum ɗaya.

Anti_Ofis:
To kin gani, kason mutum goma a gurbin mutum ɗaya. Amma bari in yi adalci, don kamfanonin dillancin ma'aikata na gaskiya suna nan, mu ma muna amfani da su. Yadda abin yake tafiya shi ne mu ne muke biyansu, don mu suka yi wa aiki. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce irin waɗannan kamfanoni kada su caji ma'aikaci kuɗi, kai tsaye ko a fakaice. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu a kanta ba, kuma ta bar ƙofar keɓe wasu ayyuka, shi ya sa za ki ji wuraren da doka ta yarda a karɓi wani abu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, da ake yawan damfara da sunanta, tana rubutawa a sanarwarta cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki.

Gwajin lafiya kuwa ana yi, ba ƙarya ba ne. Amma yana zuwa ne bayan intabiyu, bayan an ce ke aka zaɓa. Mu takarda muke ba mutum ya kai asibitin, asibitin ya turo mana lissafi. Akwai wuraren da ke cewa ka je ka yi ka kawo sakamako, to a nan ma a teburin asibitin za ka biya a ba ka rasit. Tura kuɗin asibiti cikin asusun ejan, ga wa'adin ƙarfe shida alhali ranar rufewa da saura, wannan ban san shi ba a aikinmu.

Ki yi abu ɗaya ki huta. Ki ɗauki lambar ofishin kamfanin daga shafinsu, ba daga hoton sanarwar ba, don ita ma ana sauya ta. Ki kira ki ce a haɗa ki da masu ɗaukar ma'aikata. Tambaya biyu: gurbi mai lamba 4471 yana buɗe? Kun ba wani ejan mai suna kaza izinin karɓar takardu a kansa?

Kwaɗon_Ƙarfe:
Su ɗauka ma tukuna. Irin waɗannan lambobin sai ka yini kana kira.

Autar_Mama:
Sun ɗauka a kira na biyu. Matar da na samu ta ce gurbin yana buɗe kuma ta shafinsu kawai ake nema. Shafi na biyun ba su san shi ba, ta ce in turo mata hotonsa ta imel ɗin ofis, na tura. A kan ejan ɗin kuwa ba ta yanke ba. Ta ce suna da wani kamfanin dillanci da ke kawo musu masu lodi na wucin gadi, ba ta riƙe sunansa ba, amma ba ta jin an ba su wannan gurbin. Ta ce za ta tambayi maigidanta. Na dai cike ta shafinsu yanzu, har saƙon tabbatarwa ya shigo daga imel mai ƙarewa da sunan kamfanin.

Direban_Dare:
To ka ji. Yana iya yiwuwa ejan ɗin na gaske ne a wurin masu lodi, wani yaronsu ne ke cin gefe da sunan ofis. Na taɓa ganin haka. Ofishin yana nan, allon suna yana nan, amma asusun da ake ba ka na mutum ɗaya ne.

Anti_Ofis:
Yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa sunan kawai aka ara. Daga nan ba za mu iya rabewa ba. Ko wanne ne, ba ta da dalilin bi ta wurinsa tunda takardunta sun riga sun shiga.

Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri da na ɗazu, yanzu na karanta zaren daga farko. Linki na biyun nan ina jin shi na cike shekaranjiya, don ni ma mai kula da sito na gani. Na sa hoton katina da lambar asusu, kuma sun ce in ƙirƙiri kalmar sirri, sai na sa wadda nake amfani da ita a imel ɗina. Ba wanda ya kira ni tukuna. Me zan yi?

Sarkin_Kebur:
Fara da imel ɗin, yanzu, kafin ka amsa mini. Ka sauya kalmar sirrin, da duk wani wuri da ka sa irinta, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp. Sannan ka sanar da bankinka ta lambar da ke bayan katinka na banki ko ka je reshe. Lambar asusu kaɗai ba ta isa a cire maka kuɗi ba, abin da za su nema shi ne lambar da za a turo maka ta saƙo, kuma za su kira ne da sunan kamfanin ko da sunan bankin, suna karanto maka bayananka daidai. Kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarka. In sun turo fayil mai ƙarewa da `.apk` wai manhajar intabiyu ce, kada ka buɗe. Hoton katin kam ya riga ya fita, ba a dawo da shi. Ka ajiye hoton fom ɗin da ranar da ka cike, ka kai rahoto wurin hukumar da ta ba ka katin ko 'yan sanda, don in an yi amfani da shi wata rana kana da abin nunawa.

Sabon_Shiga:
Na sauya ta imel. Ta WhatsApp ɗin ce ban gane inda take ba, wayata da Hausa take.

Mai_Tsaron_Zaure:
Taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama, ka shiga saituna, sai layin asusu mai hoton makulli, a ciki za ka gan ta. In ka rasa ka ɗauki hoton allon ka saka a nan, amma ka rufe lambarka kafin ka saka. Autar_Mama, ki turo mini sunan guruf ɗin da linki na biyu ya fito ta gefe, ina jin na san admin ɗinsu.